Sanarwar Babban Taron Shekara a Ƙungiyar Gama Kai

Sanarwar babban taron shekara ita ce takardar da ƙungiyar gama kai ke aika wa kowane ɗan ƙungiya domin ta shaida masa ranar da za a zauna, da wurin zaman, da lokacinsa, da kuma batutuwan da za a yanke hukunci a kansu. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin katin gayyata kawai. A tsarin gama kai kuwa matsayinta ya wuce haka, domin ita ce ke shata iyakar ikon taron. Taro yana da hurumin yanke hukunci ne a kan abin da aka sanar, muddin sanarwar ta isa ga duk masu haƙƙin halarta, kuma ta isa a kan lokaci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa uku ya faɗi, ana iya ƙalubalantar duk abin da aka zartar a ranar, ko da zauren ya cika maƙil.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda aka gina ƙungiyar gama kai tun asali. A kamfani, nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon hannun jarinsa ne. A ƙungiyar gama kai ta matakin farko kuwa, kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko ajiyarsa naira dubu ashirin ce ko miliyan biyu. Wannan ƙa'ida tana cikin abin da aka gada daga masaƙan garin Rochdale na Ingila, waɗanda suka buɗe kantinsu a 1844, kuma Ƙawancen Ƙungiyoyin Gama Kai na Duniya ya sake jaddada ta a bayanin da ya fitar a Manchester a 1995. Tunda iko na ƙarshe yana hannun membobi ne idan sun taru, kwamitin gudanarwa wakili ne kawai da ke riƙe da amana daga wannan taro zuwa na gaba. Memban da ba a sanar da shi taro ba, an ƙwace masa ƙuri'arsa ke nan, kuma ita ce babbar hanyar da yake da ita ta sa baki a kan kuɗinsa.

A Najeriya, dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai ta fito ne a 1935, bayan rahoton da C. F. Strickland ya rubuta a 1934. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, sannan a 1993 gwamnatin tarayya ta kafa dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa. Mafi yawan ƙungiyoyin ma'aikata da na manoma da na 'yan kasuwa suna yin rajista ne a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiharsu. Lokacin rajistar, ƙungiya tana miƙa kundin dokokinta, kuma a cikin wannan kundi ne ake samun amsar yawancin tambayoyin da suka shafi sanarwa: kwana nawa za a bayar, wa zai sa hannu, ta wace hanya za a isar da ita, mutum nawa ne za su halarta kafin taro ya zaunu. A Nijar da Chadi da Kamaru, ana bin dokar bai ɗaya ta OHADA kan ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, kuma ita ma ta wajabta a yi babban taro cikin wata shida bayan rufe shekarar kuɗi.

Aikin da ke gaban sanarwa

Ba a fara shirin taro da rubuta sanarwa. Ana farawa ne da rufe littattafan kuɗi. A ƙungiyar da shekarar kuɗinta ke ƙarewa ranar 31 ga Disamba, ma'aji da sakatare suna haɗa lissafin shiga da fita, da jimillar ajiyar kowane memba, da bashin da ke kan kowa, sannan su miƙa wa mai binciken kuɗi. Sai ya gama ya sa hannu, kwamitin gudanarwa ke zama ya duba rahoton, ya tsara shawararsa kan yadda za a raba rarar da aka samu, ya tsayar da rana da wuri da ajanda. Wannan zama na kwamiti shi ne tushen sanarwar, kuma ya kamata a rubuta shi a littafin bayanan zamansa. Sakatare yana sa hannu a takardar ne da umarnin kwamiti. Shugaba shi kaɗai, ko wani gungu daga cikin kwamitin, ba su da hurumin kiran babban taro sai idan kundin dokoki ya ba su.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne tsayar da rana kafin binciken kuɗi ya kammala. Kwamiti ya ga Sallah ta matso, membobi sun dame shi da tambayar rabon riba, sai ya fitar da sanarwa da fatan mai bincike zai gama kafin ranar. Idan bai gama ba, sai a zo taro da lissafin da ba a tantance ba, a raba kuɗi a kansa. Daga baya bincike ya nuna cewa wani ɓangare na abin da aka kira riba bashi ne da ba a karɓo ba, kuma an riga an raba shi. Abin da aka raba a irin wannan hali ajiyar membobi ce aka yanko aka mayar musu da sunan riba.

Ƙidayar kwanaki

Yawan kwanakin sanarwa ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Wasu kundaye sun ce kwana 7, wasu 14, wasu 21. Kwana 21 shi ne wa'adin da dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta sanya wa babban taron kamfani, kuma ƙungiyoyin gama kai da dama sun ɗauki wannan adadi, amma abin da ke ɗaure kowace ƙungiya shi ne abin da ke rubuce a kundinta da kuma ƙa'idojin jiharta.

Yadda ake ƙirga kwanakin shi ne wurin da sakatarori ke yawan tuntuɓe. A ɗauki misalin wata ƙungiyar adashi da lamuni ta malaman makaranta mai membobi 240, wadda kundinta ya ce a ba da cikakkun kwanaki 21. Kwamiti ya tsayar da taro ranar Asabar, 26 ga Afrilu. Idan aka ce cikakkun kwanaki, ba a ƙirga ranar da takarda ta isa hannun memba, ba a kuma ƙirga ranar taron. Kwanaki 21 ɗin za su kama ne daga 5 ga Afrilu zuwa 25 ga Afrilu, saboda haka dole sanarwa ta isa ranar Juma'a, 4 ga Afrilu, ko kafin nan. Sakataren da ya cire 21 daga 26 ya sami 5, ya raba takarda ranar 5 ga wata, ya gaza da kwana ɗaya. Haka kuma, ranar da aka buga a saman takarda ba ita ce abin lura ba. Idan an rubuta 2 ga Afrilu amma takardun suka kwana a aljihun tebur har 10 ga wata, sanarwar kwana 15 ce kawai aka bayar. Sakatare mai lura yana ƙara kwana uku ko huɗu a kan abin da kundi ya nema, domin ba a taɓa soke taro don an sanar da shi da wuri ba.

Kwanakin nan suna da aikin da ake so su yi. A cikinsu ne memba zai karanta lissafi, ya kwatanta shi da abin da ke littafin ajiyarsa, ya nemi wanda ya fi shi sanin lissafi ya duba masa, ya nemi izini a wurin aiki, ko ya shirya kuɗin mota idan an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma. Mai son tsayawa takara kuma ya sami masu tsayar da shi. Zaɓen rana ma yana cikin adalcin sanarwa. Taron manoma da aka sa a tsakiyar shuka ko girbi, ko taron 'yan kasuwa da aka sa ranar kasuwar garin, ko wanda aka sa da yammacin azumi alhali rabin membobi mata ne masu aikin buɗa baki, yana iya cika ƙa'idar kwanaki a rubuce amma ya hana jama'a zuwa. Idan irin haka ta maimaitu shekara bayan shekara, membobi suna da dalilin tambayar ko da gangan ne.

Wa za a aika wa, kuma ta yaya

Amsar ita ce duk wanda sunansa ke cikin rajistar membobi a ranar fitar da sanarwa. Wannan ya haɗa da wanda ya yi ritaya amma bai janye ajiyarsa ba, da wanda aka mayar wani gari, da wanda ke rigima da kwamiti, da wanda ake bin sa bashi. Ko kundi ya hana mai tsohon bashi jefa ƙuri'a ko tsayawa takara, hana shi sanin cewa za a yi taro wani abu ne daban, kuma babu wanda ya ba kwamiti wannan dama matuƙar ba a kore shi bisa ƙa'ida ba.

A ƙungiyar malaman nan, a ce mutum 190 daga cikin 240 ne ke cikin zauren WhatsApp na ƙungiya. Sakatare ya ɗora hoton sanarwa a can, ya ɗauka ya gama. Sauran 50 ɗin galibi tsofaffin malamai ne da suka yi ritaya da waɗanda ke ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa sosai, kuma a irin waɗannan ƙungiyoyi tsofaffin membobi ne suka fi daɗewa suna tara ajiya. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na masu ƙuri'a ke nan ba su ji kira ba. Saƙon waya hanya ce mai sauri da arha, amma yana wadatarwa ne kawai idan kundin dokoki ya amince da shi kuma ya kai ga kowa. Kundayen da aka rubuta shekaru da yawa baya sukan ambaci takarda hannu da hannu, ko liƙawa a allon sanarwa na ofishin ƙungiya, ko aikawa ta gidan waya. Har sai an gyara kundin, waccan tsohuwar hanya ita ce ta doka, saƙon waya kuma ƙari ne.

Abin da ya fi kare sakatare shi ne shaida. Wakilin kowace makaranta ko unguwa ya karɓi takardun mutanensa tare da jerin sunaye, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban sunansa da kwanan wata, a mayar wa sakatare jerin ya adana. Inda membobi da yawa ba sa karanta boko, ya dace a rubuta sanarwar da Hausa, a kuma karanta ta a baki a wurin da suke haɗuwa, ko a yi shela ta gidan rediyo idan ƙungiyar babba ce. Sanarwar da aka rubuta da Turancin lauyoyi aka miƙa wa matan da ke sana'ar ƙuli-ƙuli ta isa hannu, amma ba ta sanar da kowa komai ba.

Abin da takardar ke ɗauke da shi

A saman takarda akwai cikakken sunan ƙungiya kamar yadda yake a takardar rajista, da lambar rajistar, da adireshin ofis. Sai a faɗi irin taron, domin babban taron shekara daban yake da taron musamman da ake kira don wani batu guda. Sai rana da kwanan wata da ƙarfe nawa da wuri, a fayyace su yadda baƙo ma zai gane. A rubuta sunan ranar tare da kwanan watan, a kuma duba kalanda a tabbatar sun dace, domin takardar da ta ce Asabar 27 ga wata alhali 27 Lahadi ce tana raba jama'a gida biyu. A ƙasa kuma sunan sakatare da sa hannunsa da ranar fitarwa.

Tsakiyar takardar ita ce ajanda. Bayan addu'ar buɗe taro da tabbatar da yawan mahalarta, abin da aka saba gani shi ne karanta bayanin taron bara da amincewa da shi, rahoton shugaba, lissafin kuɗi da rahoton mai bincike, shawarar rabon rara, kasafin shekara mai zuwa, iyakar bashin da ƙungiya za ta iya ciwowa daga waje, zaɓen shugabanni idan wa'adinsu ya cika, sai sauran batutuwa. Waɗannan kanun magana ne kawai, kuma kan magana ba ya isa mutum ya yanke shawara. Shi ya sa ake haɗa sanarwar da kwafin lissafin da aka bincika da bayanin taron bara, ko kuma, idan kuɗin bugawa ya yi yawa, a rubuta a cikinta cewa takardun suna ofis daga rana kaza, kowane memba na iya zuwa ya duba. Raba lissafi mai shafi goma a bakin ƙofar zaure, minti kaɗan kafin a ce wa ya amince, ba ya ba kowa damar gano kuskure.

Rabon rara, a bayyane

Batun da ya fi jan mutane zuwa taro shi ne rabon rara, kuma nan ne sanarwa mai kyau ke bambanta da ta jeka-na-yi-ka. Wata takardar za ta ce “rabon riba” ta yi shiru. Wata kuma za ta kawo shawarar kwamiti da alƙalumanta.

A ce ƙungiyar malaman ba ta ba da bashi da ruwa, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa a Arewa suka zaɓa, tana samun ribarta ne ta hanyar sayo shinkafa da taki da ragunan layya da babura ta sayar wa membobi a biya kaɗan-kaɗan. Bayan an cire duk ɗawainiya, bincike ya tabbatar da rarar naira miliyan 6. Dokar 1993 ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar zuwa asusun ajiya na ko-ta-kwana, wato naira miliyan 1 da dubu 500, kuma wannan ba abin da taro zai kaɗa ƙuri'a ya rabe ba ne. Kwamiti ya ba da shawarar a ware naira dubu 300 don ilimantar da membobi, da wata dubu 300 a matsayin ihsani ga 'yan kwamiti. Abin da ya rage naira miliyan 3 da dubu 900 ne. Daga ciki za a raba miliyan 2 da dubu 400 gwargwadon ajiya, sauran miliyan 1 da dubu 500 kuma gwargwadon sayayyar da kowa ya yi.

Idan jimillar ajiyar membobi naira miliyan 60 ce, kowace naira za ta sami kwabo 4. Idan jimillar sayayya miliyan 50 ce, kowace naira za ta sami kwabo 3. Malamar da ke da ajiyar naira dubu 250, ta kuma sayi kayan dubu 200 a shekarar, za ta iya zama a ɗakinta da biro ta gane cewa dubu 10 za ta samu a kan ajiya, dubu 6 a kan sayayya, jimilla dubu 16. Tana kuma iya lura cewa dubu 300 na ihsani, idan 'yan kwamiti tara ne, ya kai sama da dubu 33 kowannensu, ta yanke wa kanta ko hakan ya dace da wahalar da suka sha. Wataƙila ta ga ya yi daidai, domin aikin kwamiti ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ake nema shi ne ta zo taro da ra'ayin da ta gina a kan alƙaluma. Yadda aka karkasa kuɗin tsakanin masu ajiya da masu sayayya ma abin muhawara ne na gaske, domin mai ajiya da yawa da ba ya sayen kaya zai so a ƙara wa ɓangaren farko, mai yawan sayayya kuma zai so akasin haka, kuma kowannensu yana da hujja.

Batutuwan da ba a ɓoye su

Akwai hukunce-hukuncen da nauyinsu ya sa ba a yarda a zartar da su ba sai an ambace su ƙarara a sanarwa. Na farko shi ne gyaran kundin dokoki. Idan kwamiti yana son ya ɗaga mafi ƙarancin ajiyar wata daga naira dubu 5 zuwa dubu 10, rubuta “gyaran dokoki” a ajanda bai isa ba. Ana kawo lambar sashen, da abin da yake cewa yanzu, da abin da ake son ya koma, kalma da kalma. Ga malamin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ninka abin da ake cire masa duk wata babban al'amari ne, kuma da ya san za a tattauna shi da ya bar duk abin da yake yi ya zo. Gyaran kundi yakan buƙaci rinjaye na musamman, kamar kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu, gwargwadon abin da kundi da ƙa'idojin jiha suka tanada. Ko an samu wannan rinjaye, gyaran ba ya fara aiki sai darakta ya yi masa rajista, kuma yana da damar ya nemi ganin sanarwar da aka kira taron da ita.

Haka abin yake ga korar memba, da tsige ɗan kwamiti, da sayar da fili ko ginin ƙungiya, da ciwo babban bashi daga banki, da haɗewa da wata ƙungiya ko rushewa. Game da kora, wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a sanar da shi laifin da ake zarginsa da shi tun kafin ranar, domin ya zo da shirin kare kansa. Game da zaɓe, sanarwa ta faɗi kujerun da wa'adinsu ya cika, da sharuɗɗan tsayawa, da ranar rufe karɓar sunaye. Idan ba a yi haka ba, abin da ke faruwa sananne ne: ana gab da tashi wani ya miƙe ya ce shugabanni sun yi ƙoƙari a bar su su zarce, a yi tafi, a watse.

Ƙofar da aka fi shigo da irin waɗannan abubuwa ta cikinta ita ce layin ƙarshe na ajanda, wato sauran batutuwa. An tanadi wannan layi ne don ƙananan abubuwa: ta'aziyya, godiya, ƙorafi kan jinkirin raba taki, shawarar da kwamiti zai tafi da ita ya duba. Yana zuwa ne lokacin da aka gaji, an yi sallar azahar, an raba abinci, rabin jama'a sun kama hanya. Duk hukuncin da zai taɓa aljihun memba ko haƙƙinsa, idan aka zartar da shi a wannan gaɓa, an zartar da shi ne a bayan idon waɗanda suka karanta ajanda suka ga babu abin da ya shafe su. Shugaban taro nagari, idan aka taso da babban batu a nan, yakan ce a rubuta shi, a kai shi taro na gaba ko a kira masa taron musamman da sanarwarsa. Memban da ke son a tattauna wani ƙuduri nasa shi ma hanyarsa ita ce ya rubuta wa sakatare da wuri, kafin a buga ajanda.

Idan jama'a ba su cika ba

Kowane kundi yana faɗin mafi ƙarancin mutanen da za su halarta kafin taro ya zaunu. A ce na malaman nan ya ce kashi ɗaya cikin huɗu, wato mutum 60 daga 240. Ana tabbatar da adadin ne daga rajistar halarta da kowa ya sa wa hannu a bakin ƙofa, kuma baƙi da jami'in gama kai da aka gayyato ba sa cikin ƙidaya. Idan mutum 52 suka zo, babu taro, komai nisan da suka taso. Kundaye da yawa sun tanadi cewa idan an jira na wani ƙayyadadden lokaci ba a cika ba, a ɗage zuwa wata rana, sau da yawa mako guda, kuma a zama na biyu waɗanda suka halarta suna iya yanke hukunci ko nawa ne.

Wannan tanadi yana hana ƙungiya tsayawa cik saboda sakacin membobi, amma yana da haɗari, domin mutum 20 na iya yanke wa 240 hukunci. Saboda haka ya kamata sanarwar farko ta faɗi adadin da ake buƙata da abin da zai biyo baya idan ba a cika ba, a kuma sake shaida wa kowa ranar da aka ɗage zuwa. Zama na biyu ci gaban na farko ne, ajandarsu ɗaya, ba a ƙara masa sabon batu.

Idan sanarwa ta zo da aibi

Memban da ya karɓi sanarwa yana iya gane lafiyarta cikin ɗan lokaci idan ya ajiye ta kusa da kundin dokoki. Ya ƙirga kwanaki daga ranar da ta iso hannunsa, ya duba ko lissafin da aka haɗo yana ɗauke da sa hannun mai bincike, ya ga ko an kawo alƙaluman rabon rara da lafazin duk gyaran da ake nema, sannan ya tambayi abokansa na nesa ko tasu ta iso. Mai riƙe da littafin ajiya amma bai taɓa ganin kundin ƙungiyarsa ba, ya nemi kwafi a ofis, domin haƙƙinsa ne ya gani.

Idan ya ga gyara, lokacin magana shi ne kafin taro, a rubuce, zuwa ga sakatare, ya riƙe kwafi. Sau da yawa kuskure ne na rashin sani, kuma maganinsa mai sauƙi ne: a janye sanarwar, a fitar da sabuwa, a sake ƙirga kwanaki daga farko. Idan ba a saurare shi ba, ya maimaita ƙorafin a farkon taro, kafin a shiga ajanda, ya nemi a rubuta shi a bayanin zama. Wanda ya zauna ya yi muhawara ya jefa ƙuri'a, sai da sakamako bai yi masa daɗi ba ya tuna cewa sanarwa ta makara, ya raunana hujjarsa da kansa. Ba kowane kuskure ne ke rushe taro ba. Kundaye da dama sun ce idan an tsallake mutum ɗaya ko biyu bisa kuskure, taron yana nan daram. Tsallake mutum 50, ko tsallake waɗanda aka san za su yi adawa, ba ya shiga wannan rangwame.

Idan magana ta ƙi ƙarewa a cikin gida, dokar 1993 ta tanadi cewa saɓanin da ya shafi harkokin ƙungiya, tsakanin memba da kwamiti ko tsakanin membobi, ana kai shi ne gaban daraktan ƙungiyoyin gama kai, wanda zai yanke hukunci da kansa ko ya miƙa wa mai sasantawa. Idan kuma matsalar ita ce kwamiti ya ƙi kiran taro gaba ɗaya, shekara ta wuce, ta biyu ta shiga, kundaye suna ba wani adadi na membobi damar su sa hannu a takarda su buƙaci a kira taro, su kuma aika kwafi ofishin gama kai na yankinsu. A duk waɗannan matakai, abin da za a fara nema a gani shi ne kwafin sanarwar, da jerin waɗanda suka sa hannu sun karɓa, da rajistar halarta, saboda haka sakatare ya adana su a fayil ɗaya da bayanin taron, memba kuma ya riƙe tasa takardar har a amince da bayanin a taron baɗi.